Karatun likitanci a ƙasar Sin: a shiga ajin Turanci ko a fara da Sinanci?

Duk shekara, da zarar sakamakon jarrabawar kammala sakandare ya fito, iyaye da yawa a Kano da Kaduna da Dutse da Sakkwato sukan fara neman wa 'ya'yansu gurbin karatun likitanci a waje, domin kujerun da jami'o'inmu ke da su ba su kai yawan masu nema ba. Ƙasar Sin na cikin wuraren da ake yawan dubawa, kuma abin da dillalan guraben karatu suka fi jan hankalin iyaye da shi shi ne cewa da Turanci ake koyarwa, don haka yaro ba zai ɓata shekara wajen koyon wani baƙon harshe ba. Maganar tana da daɗin ji, kuma akwai gaskiya a cikinta, amma ta tsallake wata tambaya da ta fi kowace nauyi: idan malami yana jin Turanci, shi majinyacin da ke kwance a kan gado, wanda a jikinsa ne za a koyi aikin, da wane harshe zai faɗi abin da ke damunsa?

Na zaɓi likitanci ne, kuma na zaɓi Sin, saboda a nan ne wannan matsala ta fi fitowa fili. Wanda ya tafi digiri na biyu a fannin na'ura mai ƙwaƙwalwa ko ilimin sinadarai zai iya kammala shekara biyu ko uku tsakanin ɗakin gwaji da ɗakin karatu, abokan aikinsa na jin Turanci, mujallun da yake karantawa da Turanci aka rubuta su, harshen gari kuwa bai wuce abin da zai yi cefane da shi ba. Ga irin wannan ɗalibi ajin Turanci zaɓi ne mai kyau, ba sai an tsawaita magana ba. Likita kuwa rabin sana'arsa tambaya ce da sauraro.

Ga yadda tsarin yake. Ma'aikatar Ilimi ta Sin tana fitar da jerin jami'o'in da ta amince su karɓi ɗalibai 'yan ƙasashen waje su koyar da su digirin likitanci na MBBS da Turanci, kuma a shekarun baya-bayan nan jami'o'i sama da 40 ne a jerin. Karatun shekara shida ne, ta ƙarshe a asibiti ake yin ta. Jami'ar da ba ta cikin jerin, da Sinanci kaɗai aka yarda ta koyar da baƙi likitanci, har ma hukuma ta hana a tallata wani tsari da ake kira na harshe biyu, wanda a baya aka riƙa yaudarar ɗalibai da shi: a fara musu da Turanci, idan tafiya ta yi nisa sai a juya zuwa Sinanci. Hanya ta biyu ita ce ɗalibi ya yi shekara ɗaya, wani lokaci biyu, yana koyon Sinanci tare da darussan share fage na kimiyya, sannan ya shiga aji ɗaya da 'yan ƙasa, inda digirin likitanci na yau da kullum shekara biyar ne. Wanda ya yi lissafi zai ga abin da dillalai ba su cika faɗa ba: shekara ɗaya ta harshe da biyar na karatu shida ke nan, daidai da ajin Turanci. Ashe batun asarar shekara bai da ƙarfin da ake ba shi, sai dai ga wanda harshen ya ƙi zama masa a shekarar farko.

Haka kuma ajin Turanci bai 'yantar da kowa daga Sinanci ba. Ƙa'idar da ma'aikatar ta fitar a 2018 ta ce ɗalibin digiri na farko da aka koyar da harshen waje dole ne ya kai mataki na huɗu a ma'aunin Sinanci kafin ya kammala, wanda aka koyar da Sinanci kuwa mataki na biyar. Jarrabawar da ake auna wannan da ita ita ce HSK, kuma jami'o'i da yawa ba sa barin ɗalibi ya shiga shekarar asibiti sai ya kawo shaidar mataki na huɗun. A tsarin matakai shida da aka daɗe ana amfani da shi, mataki na huɗu yana buƙatar kalmomi 1,200, na biyar 2,500, na shida 5,000. To, kalmomi 1,200 ɗin nan na rayuwar yau da kullum ne: hira a kan iyali, yanayi, tafiye-tafiye, sayayya. Sauraro da karatu da rubutu ake gwadawa, magana da baki kuwa jarrabawarta daban ce, ana kiran ta HSKK. Mutum zai iya haddace kalmomin a 'yan watanni, ya ci maki 180 daga 300 da ake nema, ya karɓi takardarsa, amma ya kasa gane tsohuwar da ke gaya masa cewa ƙirjinta na yi mata nauyi idan ta hau bene.

A nan ne nake ganin ainihin bambancin hanyoyin biyu yake. Kowace hanya tana buƙatar harshen. Abin da ya raba su shi ne lokacin da ake biyan kuɗin koyonsa. Mai shekarar share fage yana biya tun farko, a lokacin da ba shi da wani aiki sai wannan. Mai ajin Turanci yana jinkirta biyan zuwa lokacin da karatun anatomi da fiziyoloji da ilimin magunguna suka danne shi, darasin Sinanci ya zama abin da ake shiga da gajiya don kawai a cika sharaɗi. Bari mu ƙaddara ana ba shi awa huɗu a mako, makonni 32 a shekara: awa 128 ke nan, a shekara uku bai kai awa 400 ba. Mai share fage da ke yin awa 25 a mako zai tara awa 800 a shekara guda, kuma a jere, ba tare da ya manta na makon jiya kafin na wannan makon ya zo ba. Cibiyar horar da jami'an diflomasiyya ta Amurka ta ƙiyasta cewa mai jin Turanci yana buƙatar kimanin awa 2,200 a aji kafin ya iya aiki da Sinanci yadda ya kamata. Wannan ƙiyasi ya nuna cewa babu hanyar da ta isa ita kaɗai, amma hanyar share fage ta fi kusantar wannan adadi sosai.

Domin a ga yadda abin ke kasancewa a aikace, mu ɗauki misalin yarinya 'yar shekara 18 da ta gama sakandare da sakamako mai kyau, ta zaɓi ajin Turanci. Shekarunta uku na farko za su tafi lafiya. Littattafan da take karantawa irin waɗanda ake karantawa a Zariya ne ko Ibadan, abokan ajinta 'yan Indiya ne da Pakistan da Ghana da Tanzaniya, ɗakin kwanansu na ɗalibai baƙi ne, kuma wayar hannu tana fassara mata duk abin da take buƙata a kanti. Matsalar da za ta fara gani ita ce Turancin malamai ba ɗaya ba ne: wani ya yi karatu a waje yana bayani sosai, wani kuwa ƙwararren likita ne amma abin da ke rubuce a allo kawai yake karantowa, idan aka yi masa tambaya a wajen rubutun sai amsar ta gajarta. Wannan ana iya jure shi, domin littafi yana cike giɓin.

A shekara ta huɗu aka shiga asibiti, sai lissafi ya canza. Babban likita ya shigo zagayen safe da ɗalibai Sinawa da baƙi a bayansa, ya tsaya kan wani dattijo mai ciwon ƙirji. Abin da ake so ɗalibi ya iya a nan sananne ne: ya tambayi yaushe ciwon ya fara, ko yana zuwa ne idan an yi aiki ko ana zaune, ko yana sauka hannun hagu ko yana hawa muƙamuƙi, ko akwai gumi da tashin zuciya, wane magani ake sha, ko ana shan taba. Yarinyar ta san jerin tambayoyin nan da ka, har ta haddace yadda ake yin su da Sinanci. Amma amsar ba ta zuwa a jere kamar a littafi. Dattijon zai fara da labarin abin da ya ci jiya, matarsa ta katse shi ta gyara masa kwanan wata, ya ambaci sunan wani maganin gargajiya da yake haɗawa da na asibiti, duk cikin sauri da karin harshen garinsu. Yarinyar ta kama kalma biyu cikin goma. Fayil ɗin majinyacin da Sinanci aka rubuta shi, sakamakon gwajin jini da na hoton zuciya duk da Sinanci suke fitowa daga na'ura. Bayan an wuce gadon, wani ƙaramin likita mai kirki zai taƙaita mata da Turanci cewa ana zargin toshewar jijiyar zuciya ce. Ta sami sunan cutar, amma ta rasa yadda aka gano ta, kuma yadda aka gano ɗin shi ne abin da ta zo koya.

Idan haka ta maimaitu wata da watanni, sakamakonsa ba ya ɓuya. Ɗalibi yakan koma ɗan kallo a bayan layi, daga nan ya fara ganin zuwa asibitin ɓata lokaci ne, gara ya zauna ɗaki ya yi karatun jarrabawa. Malamai ma, saboda yawan marasa lafiya da ƙarancin lokaci, ba kowa ne zai tsaya fassara ba, kuma ba za a ga laifinsu sosai ba. Majinyaci ba ya sakin jiki da wanda ba ya jin maganarsa, balle ya yarda ya taɓa shi. Haka ake samun wanda ya riƙe takardar digiri ta gaske, daga jami'a ta gaske, amma bai taɓa zama shi kaɗai ya ɗauki tarihin ciwo daga farko zuwa ƙarshe ya gabatar wa babba ba. Wannan abu yana damuna ƙwarai, domin yaron bai yi lalaci ba, iyayensa kuma wataƙila gona ko fili suka sayar, an dai gaya musu ne harshe ba matsala ba ne.

Mu a nan bai kamata wannan ya zama mana baƙon abu ba. A Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da Turanci ake koyarwa kuma da shi ake rubuta fayil, amma mafi yawan marasa lafiya da Hausa suke bayani. Ɗalibin da ya zo daga kudu yakan gane tun makonnin farko cewa in bai koyi Hausar asibiti ba, kullum sai ya nemi ma'aikaciyar jinya ko ɗan'uwan majinyaci ya yi masa tafinta, kuma tafinta yakan rage ko ya ƙara. Bambancin shi ne a can Sin har fayil ɗin da taron likitoci ba da Turanci ake yi ba.

Sai dai hanyar farawa da Sinanci ita ma tana da nata tsadar, kuma rashin adalci ne a ɓoye ta. Wanda ya gama shekarar share fage ya ci mataki na huɗu, sai ya tsinci kansa a aji ɗaya da yaran da suka tsallake jarrabawar shiga jami'a ta Sin, wadda gasarta ke da zafi ƙwarai, malami yana zuba bayanin sinadaran jiki da saurin da ya saba, ba ya ragewa don baƙo. Shekara ta farko da ta biyu sukan zama masu tsananin wuya, maki yakan faɗi, wasu sukan maimaita aji, wasu su sauya fanni. Rubutun Sinanci ba haruffa ba ne da za a koya a mako guda, kowace alama sai an san ta, kuma ana buƙatar dubbai kafin a karanta littafin likitanci ba tare da tsayawa kowane layi ba. Wani abin kuma, kalmomin likitanci na Turanci da Faransanci da Jamusanci yawancinsu daga Latin da Girkanci suka fito, shi ya sa wanda ya yi karatu da ɗaya yakan gane na ɗayan. Sinanci ya gina nasa kalmomin daga cikin gida. Wanda ya koyi sunayen ƙasusuwa da jijiyoyi da magunguna da Sinanci kaɗai, ranar da ya dawo gida sai ya sake koyon su kaf da Turanci.

Dawowa gida kuwa ita ce manufar mafi yawan ɗalibanmu. Duk wanda ya yi likitanci a waje sai ya zauna jarrabawar tantancewa ta Hukumar Kula da Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya, wato MDCN, kafin a ba shi lasisin wucin gadi ya yi shekarar aikin gwaji a asibiti. Da Turanci ake yin ta, kuma tana da ɓangaren rubutu da ɓangaren gwajin aiki, inda ake kallon yadda mutum ke yi wa majinyaci tambaya da yadda yake duba shi. A nan kowace hanya tana nuna rauninta. Ɗan ajin Turanci ya san kalmomin, amma hannunsa da bakinsa ba su saba da majinyaci ba. Ɗan ajin Sinanci ya saba da majinyaci, amma sai ya tsaya laluben sunan abin da ya sani. A ganina raunin na biyu ya fi sauƙin gyara nesa ba kusa ba. Ɗalibin Nijeriya ya riga ya yi shekara goma sha biyu yana karatu da Turanci, kuma idan ya riƙa karanta littafin Turanci a gefen na Sinanci tun daga aji ɗaya, kalmomin za su zauna masa tare. Ƙwarewar gefen gado kuwa ba a samun ta daga littafi, sai an tara ta a kan ɗaruruwan marasa lafiya, kuma shekarun da aka ware don tara ta in sun wuce da wuya a maido su.

Wasu jami'o'in suna barin ɗalibi ya yi shekarar ƙarshe a asibitin ƙasarsa, kuma wannan yana rage ɓarnar sosai. Yana da wani amfanin ma: Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2021 cewa Sin ta rabu da zazzaɓin cizon sauro, cutar sikila kuma ba a cika ganin ta a can ba, alhali su ne abincin yau da kullum na likita a Arewa. Amma shekara ɗaya a gida ba za ta maye gurbin shekara ta huɗu da ta biyar da aka yi ana kallo ba, kuma dole a tabbatar tun kafin a biya kuɗi cewa jami'ar ta yarda da hakan a rubuce.

Ga ɗalibin Jamhuriyar Nijar lissafin ya sha bamban. Shi da Faransanci ya yi makaranta, don haka ajin Turanci yana nufin ya ɗauki baƙin harsuna biyu lokaci guda, ɗaya don lacca ɗaya don asibiti, kuma babu ko ɗaya daga cikin harsunan biyu da zai yi aiki da shi in ya koma Yamai ko Damagaram. A wurinsa farawa da Sinanci, tare da riƙe littattafan Faransanci a gefe, ya fi ma'ana ƙwarai. Masu ba da tallafin karatu ma sun daɗe da fahimtar wannan: tallafin gwamnatin Sin ga masu digiri na farko da Sinanci yana ɗaukar nauyin shekarar share fage, tallafin gwamnatin Turkiyya yana sa ɗalibi ya yi shekara guda ta Turkanci, jami'o'in Rasha kuma suna da sashen share fage tun zamanin Tarayyar Sobiyet.

Hukuncina shi ne, yaron da ke da ƙarfin karatu da haƙuri, musamman in ya sami tallafin da ya haɗa da shekarar harshe, ya fara da Sinanci. Bahaushe ma yana da ɗan abin da ya fi Bature da shi a nan, domin kunnensa ya saba da harshen da hawa da saukar murya ke canza ma'ana, kuma karin sauti huɗu na Sinanci shi ne abin da ya fi wahalar da masu koyo da yawa. Wanda kuwa ya ga ajin Turanci ne ya fi dacewa da shi, ko don kuɗi ko don tsoron faɗuwa a shekarun farko, ban ce ya yi kuskure ba, amma da sharaɗin ya ɗauki mataki na huɗu a matsayin abin da zai gama da shi kafin ƙarshen shekara ta biyu, ya nufi na biyar kafin ya taka asibiti, ya kuma fita daga zaman ɗakin baƙi ya nemi abokai Sinawa 'yan fannin likitanci da zai riƙa gwada ɗaukar tarihin ciwo da su. Garin da za a je ma yana da tasiri. A arewa maso gabas, irin su Harbin da Shenyang, maganar mutanen gari tana kusa da daidaitaccen Sinancin da ake koyarwa a aji. A Guangzhou tsofaffi da yawa da harshen Kanton suke magana, a Shanghai da Sichuan ma karin harshen gari yakan rikita wanda ya koyi na aji kawai, kuma tsofaffi su ne suka fi cika gadajen asibiti.

Kafin a sa hannu a kowace takarda, a duba sunan jami'ar a jerin Ma'aikatar Ilimi ta Sin na wannan shekarar, kada a dogara da hoton jerin da dillali ya turo. Sannan a nemi ɗaliban da ke aji huɗu ko biyar a can, domin 'yan aji ɗaya ba su kai inda matsalar take ba tukuna, a tambaye su abubuwa takamaimai: marasa lafiya nawa suka yi wa tambaya da kansu a watan da ya wuce, wa ke yi musu fassara a zagayen safe, ko ana barin su su rubuta a fayil, awa nawa ake ba Sinanci a mako kuma har zuwa wace shekara, da kuma ko akwai darasin Sinancin asibiti daban da na yau da kullum. Idan amsar tambaya ta farko ita ce babu ko ɗaya, a nemi wata jami'ar ko a sauya zuwa hanyar share fage.